Maganin da Ke Cikin Ramin Tun Farko

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ina koyarwa a makarantar firamare ta Kankiya, ina kuma karatu ta gidan waya don in zauna babbar jarrabawar lissafi. Takardun darasi sukan zo mini a cikin jakar wasiƙu daga Katsina, in yi aikin bayan la'asar a zauren gidan da nake zaune, in mayar, bayan wata ɗaya ko fiye su dawo da jan alƙalamin wani malami da ban taɓa gani ba. A duk ƙasarmu mutum ɗaya ne ban da ni ya taɓa buɗe littafin kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke canjawa. Mun yi makarantar midil tare da shi. Daga nan aka tura shi wata babbar kwaleji a Zariya don ya karanta aikin injiniya, ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni aka sallamo shi. Shi ya ce iskar Zariya ce ba ta karɓe shi ba. Da yake gidansu gidan masu faɗa a ji ne, bai yi wata biyu a gida ba aka ba shi kula da gine-gine da rijiyoyin yankin. Ya sa mutane su riƙa ce mashi Injiniya, suka kuwa riƙa ce mashi, wasu don tsoro, wasu don abin yana ba su dariya.

Alƙalami uku yake jerawa a aljihun gaba, biyu ba su da tawada. Yana da wata 'yar sandar lissafi mai zamewa da ya zo da ita daga kwaleji, yakan zaro ta a gaban magina ya ja ya tura, ya daɗe yana dubawa, sannan ya faɗi abin da babban magini ya riga ya faɗa mashi da safe. Idan yana magana da manomi yakan cusa Turanci a tsakiyar zance, ya tsaya ya ce, “Af, na manta ba ka ji.” Ban taɓa ƙin shi don bai gama karatu ba. Mutane da yawa ba su gama ba kuma ba su cuci kowa ba. Abin da ya sa na raina shi shi ne ɗan abin da ya kwaso ya mayar da shi bulala.

A bayan garin Kusada akwai wani rami na siminti da aka gina don wankan shanu. Dogo ne, mai gangara a kowane gefe, ana cika shi da ruwan da aka narka garin maganin kaska a ciki, a koro shanu su faɗa ta nan su yi iyo su fita ta can. Idan ya cika yana cin garwa ɗari huɗu ta ruwa, kuma ƙa'idar da likitan dabbobi ya bari ita ce gwangwani talatin na magani a cikakken rami. Maganin dafi ne. Idan ya yi rauni kaska ba ta mutuwa, idan ya yi ƙarfi fatar saniya ce ke ƙonewa. Wani dattijo mutumin Yashe ne ke tsaron ramin tun da aka gina shi. Bai iya karatun boko ba, amma ya san ramin kamar yadda ya san gonarsa.

Wata ranar Laraba, ana cikin zafin bazara, Injiniya ya jingine kekensa a ƙofar zaurena ya shigo da takarda a hannu. Ya ce likitan dabbobi, wani Bature da ke zaune a Katsina, ya aiko a gyara ramin kafin makiyaya su dawo daga kudu da faɗuwar ruwan farko. Ya ce ya tsara aikin bisa hanyar kimiyya, kuma yana so in kwafe mashi lissafin da kyakkyawan rubutu don a aika wa Baturen. Rubutunsa kuwa ko shi da kansa sai ya yi ta ƙifta ido kafin ya karanta.

“Ba dubawa na ce ka yi ba, Malam,” in ji shi. “Kwafewa kawai. Wannan ya ɗan wuce inda kuka kai a karatunku na wasiƙa.”

Tsarin nasa shi ne wannan. Ruwan ramin ya ragu zuwa rabi, garwa ɗari biyu. Ba za a kwashe shi ba, don wai siminti yana tsagewa idan ya bushe a zafi. Za a riƙa zuba sabon ruwa mai magani, garwa arba'in kowace awa, a kuma buɗe famfon ƙasa ya riƙa fitar da garwa ashirin kowace awa don ya tafi da laka, wasu mutane kuma su tsaya da dogayen sanduna suna motsa ruwan kada ya kwanta. Ruwa zai riƙa ƙaruwa da garwa ashirin a awa, a cikin awa goma ramin ya cika. Tambayar ita ce gwangwani nawa na magani za a riƙa narkawa a cikin ruwan kowace awa, don a tashi da talatin daidai a ƙarshe.

Zan faɗi gaskiya, da na ga takardar murna ce ta kama ni. Wata biyu ina fama da irin wannan lissafi a kan tankunan da ba su wanzu ba, ga shi yau ya zo mini da rami na gaske wanda zan iya hawa keke in je in gani. Kuma farkon aikin nasa daidai ne. Ya kira yawan maganin da ke cikin rami x, awoyin da suka wuce t, abin da ake zubawa a awa k. Ruwan da ke ciki a kowane lokaci garwa 200 + 20t ne, ashirin suna fita a awa, don haka rabon maganin da ke bin famfo a awa shi ne 20 bisa 200 + 20t, wato 1 bisa 10 + t. Ya rubuta:

dx/dt + x/(10 + t) = k

Irin wannan lissafi ba ya warwaruwa kai tsaye, don x yana wuri biyu, ga saurin canjinsa, wato dx/dt, ga shi kansa. Dabarar ita ce a nemo wani abu da za a ninka kowane ɓangare da shi, wanda zai haɗe guntayen hagu biyu su zama abu ɗaya. Littafi yana ce mashi intigiretin fakta, ni a raina mahaɗi nake ce mashi. Ana samun shi ta ɗaukar abin da ke manne da x, a nan 1 bisa 10 + t, a yi mashi intigireshan, wato a tara shi, ya ba da abin da masu lissafi ke kira log na 10 + t, sannan a ɗora wannan a kan wata lamba mai suna e a matsayin ƙarfinta. Log da e suna cinye juna, sai 10 + t ya rage. Idan aka ninka da shi, hagu ya zama (10 + t) dx/dt + x, wanda ba komai ba ne illa saurin canjin (10 + t)x, dama kuma ya zama k(10 + t). Duk wannan Injiniya ya yi shi daidai, har da jan layi biyu a ƙarƙashin mahaɗin. Sai ya tara ɓangarorin biyu ya rubuta:

(10 + t)x = k(10t + t²/2)

Ya sa t goma, ya sami 20x = 150k, ya sa x talatin, ya fito da k huɗu. Gwangwani huɗu a awa, ɗaya a kowace garwa goma.

Na ce mashi, “Ina C?”

Ya ce wace C.

Na ce duk lokacin da aka yi intigireshan sai an ƙara wata lamba da ba a sani ba tukuna, wadda ake kira C, kuma ba a gano ta sai an koma an duba yadda abu yake a lokacin da aka fara. Idan aka sa t sifiri a layinsa, dama ya zama sifiri, wato yana cewa babu ko ƙwayar magani a ramin a farkon aiki. Na tambaye shi ko ruwan da ke ciki yanzu ruwan sha ne.

Ya yi murmushin da yake yi wa magina. Ya ce C abin malaman makaranta ne, suna sa ta ne don su sami abin rage wa yara maki. A aikin gaske, in ji shi, C duk abin da injiniya ya ga dama ce. Ya ce misalin da ke littafinsu na kwaleji ma C ɗinsa sifiri ya fito. Na san misalin, don yana cikin nawa littafin, kuma layinsa na farko ya ce tankin da tsabtataccen ruwa ya fara. Na nuna mashi wurin da yatsa. Bai duba ba. Ya ce tsohon ruwa ai ya sha rana wata biyar, maganin ya mutu. Na ce garin dutse ne, ba ganye ba ne da zai mutu, ruwa ne ke tashi ya bar shi. Ya miƙe ya karɓe takardarsa, ya ce dama ya san bai kamata ya kawo aikin manya wurin mai koyar da sau biyu sau uku ba. Daga baya na ji wani akawu ne ya kwafe mashi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau keke na tafi Kusada. Na sami dattijon zaune a inuwar wata bishiyar bedi kusa da ramin yana tufka igiya. Muka gaisa, na faɗa mashi ko ni wane ne, na ce tambaya ce ta kawo ni. Ramin ba rufi, iska ta yaye ciyawar rumfarsa tun cikin rani. Ruwan ya yi kore, kuma a jikin bangon akwai farin zane-zane tun daga baki har inda ruwan ya tsaya.

“Baba, yaushe aka cika shi na ƙarshe?”

“Bayan an gama yankan gero. An ce babban baƙo za shi zo ya gani, na cika shi har baki. Gwangwani talatin, da hannuna wanga na zuba.”

“Shanu nawa suka shiga bayan nan?”

“Ko ɗaya. Baƙon bai zo ba, masu shanu kuma sun riga sun yi kudu.”

“Ba ya yoyo?”

Ya tashi ya kai ni bayan ramin inda famfon yake, ya tona ƙasar wurin da ƙafa. Busasshiya ce ƙamas. Ya ce shi ya toshe bakin da kansa, rana ce ta sha ruwan. Sannan ya ce ruwan yanzu ko ya fantsar mashi a hannu sai ya ji yana cizo, abin da ba ya yi da. Na tambaye shi ko Injiniya ya yi mashi waɗannan tambayoyi. Ya ce ya zo sau ɗaya, bai sauka daga keke ba, ya auna ramin da ido ya ce a share wurin.

Na zauna a gefen gangarar na gama lissafin a bayan wata ambulan. Layin da ya kamata shi ne (10 + t)x = k(10t + t²/2) + C. A farkon aiki t sifiri ne, x talatin ne, don haka C goma sau talatin ce, ɗari uku. Bayan awa goma 20x = 150k + 300. Idan ana son talatin, ɗari shida ke nan a hagu, a cire ɗari uku, a raba da ɗari da hamsin, k biyu ne. Rabin abin da Injiniya ya rubuta. Na sa huɗun nasa in ga inda za ta kai: ɗari shida da ɗari uku, ɗari tara, a raba da ashirin, arba'in da biyar. Maganin zai yi ƙarfin ƙa'ida sau ɗaya da rabi.

Na yi wa dattijon bayani ba tare da haruffa ba. Ya saurara yana tufkarsa, sannan ya tambaye ni garwa nawa za a ɗebo gaba ɗaya. Na ce arba'in sau goma, ɗari huɗu.

“To ai ɗari huɗu shi ne cikin ramin duka,” in ji shi. “Mi zai hana a buɗe famfo da yamma ya tsiyaye, a wanke da asuba, a zuba ɗari huɗu da gwangwani talatin? Haka nike yi kowace shekara, kuma bai tsage ba.”

Kwana biyu ina murna na kama Injiniya da ɓataccen C, ban lura cewa aikin gaba ɗaya ba ya bukatar kalkulas ba. An ƙirƙiro wahalar ne don a sami wurin rubuta dx/dt a takardar da Bature zai gani, ni kuma na bi a guje don ina son in ga ilimina yana aiki. Dattijon ya ce ya faɗa wa Injiniya haka ranar da ya zo, sai ya ce mashi zamanin ƙiyasi ya wuce.

Na dawo na rubuta wa likitan dabbobi wasiƙa da Turanci, na zayyana lissafin layi bayan layi, na ba direban motar kaya da za ta Katsina. Na kuma je wurin Injiniya a ofishinsa da ambulan ɗina. Wannan karon akwai mutane, har da wani kawunsa mai riƙe da muƙami, don haka ko takardar bai karɓa ba. Ya ce wa mutanen, “Malam yana so ya koya mini aikina da abin da mai gadi ya faɗa mashi.” Suka yi dariya. Kawun ya dube ni ya ce, cikin taushin murya, malamin makaranta mai hankali yakan tsaya a ajinsa, musamman wanda ke jiran a sa mashi hannu a takardar shiga jarrabawa. Na ce ranka ya daɗe, na fito. Har yanzu idan na tuna yadda na rusuna a bakin ƙofar nan sai in ji haushin kaina.

An yi aikin ranar Asabar ta mako na gaba, na je na gani. An tara majiya ƙarfi daga unguwanni suna jigilar garwa daga rijiya, wasu huɗu suna tsaye a bakin rami da gorori suna motsa ruwa, dattijon yana tsugune wurin famfo yana daidaita shi ya cika garwa ɗaya kowane minti uku, ruwan yana gangarawa wani kududdufi da aka kewaye da ƙaya. Injiniya ya sa an kawo mashi kujera da tebur ƙarƙashin bedin. Ya ajiye agogo da sandar lissafinsa a kan teburin, buhun maganin kuma a tsakanin ƙafafunsa, shi yake aunawa da kansa, gwangwani ɗaya a kowace garwa goma. Dattijon ya roƙe shi sau biyu ya rage. Karo na biyu Injiniya ya ce mashi, “Tsoho, kai famfo aka ba ka.” Da azahar mutane suka yi salla kashi-kashi don kada lissafinsa ya katse. Abin takaicin shi ne an bi tsarin sosai. Da an yi sakaci irin wanda aka saba, da wata garwa ta zube, da an yi barci a bakin aiki, wataƙila da kuskuren ya ragu. Amma Injiniya ya tsaya a kansu da agogo awa goma cur, aka aiwatar da wautarsa ba tare da an rage ko ɗigo ba.

Kafin in koma Kankiya na biya rugar da makiyayan suka sauka, na nemi arɗonsu. Mutum ne dogo mai ƙarancin magana. Na ce mashi ina jin maganin ya yi ƙarfi. Haka na faɗa, ina jin, alhali ba ji nake ba, sani na yi, ga lambar a aljihuna. Ya tambaye ni ko ni ma'aikacin dabbobi ne, na ce a'a, malamin makaranta ne. Ya ce umarni ya zo cewa kowa ya kai shanunsa gobe, kuma wanda ya ƙi ya san abin da zai biyo baya. Ya yi mini godiya, ya sa aka ba ni nono.

Washegari shanu kusan sittin suka shiga kafin rana ta yi zafi. Ba a ga komai ba a ranar. A kwana na uku fata ta fara tsagewa, a ƙarƙashin wutsiya, da tsakanin cinyoyi, da hantsar shanun tatsa, har ba su yarda maruƙa su sha. Maruƙa huɗu suka mutu, waɗanda suka haɗiyi ruwan suna iyo. Na ga wata farar saniya da fatar wuyanta ta ɗaɗɗago kamar ɓawon rogo, mai ita yana shafa mata man shanu da tafin hannu, bai ko ɗago ya dube ni ba. Sauran makiyayan suka tattara suka yi arewa ba tare da sun yi wa kowa sallama ba.

Sai a lokacin Baturen ya zo, a cikin motarsa, da wani ɗan akwati mai kwalabe. Ya ɗebi ruwan ramin ya ɗiga wani abu a ciki yana ƙirgawa har launin ya juya, ya ce ƙarfin ya kai ɗaya da rabi. Wannan akwatin yana ofishinsa tun farko, kuma gwajin bai ɗauke shi minti goma ba. An aika a kira ni daga makaranta, don a hanyarsa ta zuwa ne ya buɗe wasiƙata, wadda ta yi kwana goma sha wani abu a kwandon tebur ɗinsa. Ya fito da ita tare da takardar Injiniya, wadda ke ɗauke da sa hannunsa shi Baturen a ƙasa. Ya ce mini shi rabonsa da irin wannan lissafi tun yana saurayi, ya ga haruffa sun yi kyau ya sa hannu. Ya faɗi haka yana dariya, kamar wanda ya manta hularsa a gidan aboki. Ya ce abin sha'awa ne a sami mai kalkulas a irin wannan daji, ya tambaye ni ko wa ya koya mini. Bai tambayi ko shanun wa suka mutu ba.

Aka zauna a ƙarƙashin bedin, Bature a kujera, Injiniya da kawunsa a gefe, dattijon a tsugune a ƙasa. Baturen ya tambayi Injiniya me ya sa ya ɗauka babu magani a ramin. Na zuba ido in ga yadda zai yi. Ko gezau bai yi ba. Ya ce lissafinsa daidai yake daga farko har ƙarshe, mahaɗin daidai, tarawar daidai, kuma ko Malam zai shaida. Abin da ya ɓata aikin, in ji shi, shi ne halin farko, wato yadda ramin yake kafin a fara aiki, kuma halin farko ba aikin injiniya ba ne, bayani ne da ma'aikacin wuri ya kamata ya kawo. Mai gadi bai kawo rahoto a rubuce cewa akwai gwangwani talatin a ciki ba. Ya faɗi kalmar halin farko da Turanci har sau uku. Mutumin da ya ce mini C abin rage wa yara maki ne, yanzu shi ke koya wa Bature muhimmancinta.

Baturen ya juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne mahaɗin daidai yake. Na ce daidai yake. Na ƙara da cewa na faɗa mashi maganar talatin ɗin kafin a fara aiki, kuma dattijon ya roƙe shi ya rage a gabana. Injiniya ya ce ya ɗauka hira ce ta abokai, ba a kawo mashi ta hanyar ofis ba. Kawun ya gyara zama ya ce abin da ya faru ya riga ya faru, ƙaddara ce, kuma bai kamata a ɓata wa yaro mai ilimi suna a kan maruƙa ba. Baturen ya duba agogonsa. Yana so ya isa Katsina kafin hadarin da ke haɗuwa a gabas ya sauko ya ɓata hanya.

Ba wanda ya tambayi dattijon komai sai a ƙarshe, da tafintan Baturen ya ce mashi an ce me ya sa bai kai rahoto ba. Ya ce, “Na faɗa da baki. Ban san ana rubutawa ba.” Aka rubuta cewa an sami rashin fahimta tsakanin ma'aikata, kuma mai tsaron rami ya tsufa da aikin. A ƙarshen watan aka sallame shi, aka kawo wani ɗan'uwan matar Injiniya.

Na je Yashe na gaishe shi da damina ta yi nisa. Na same shi a gona yana noman dawa tare da 'ya'yansa, ya fi ƙiba ma fiye da lokacin da yake bakin rami. Na fara ba shi haƙuri, ina cewa da na yi magana da ƙarfi tun farko, da na je Katsina da ƙafata maimakon wasiƙa. Ya bar ni na gama, ya ce to, ya tambaye ni lafiyar iyalina, ya koma kan kunyarsa. Bai ce mini “ba komai” ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Injiniya bai shekara ba aka ɗauke shi zuwa wani babban ofishi, inda aka ce ana bukatar 'yan ƙasa masu ilimin kimiyya don su gaji Turawa. Ranar da zai tafi ya tsaya da kekensa a ƙofar makaranta ya ce mini in ci gaba da ƙoƙari, idan na ci jarrabawa in neme shi ya ga abin da zai iya yi mini. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Makiyaya ba su sake kawo ko ɗan maraƙi ramin ba, duk da aiken da aka yi ta yi musu. Sabon mai tsaron ya yi damina biyu yana zaune a bakinsa ba aikin komai. Daga baya wata akuya ta faɗa ciki ta mutu, mutanen unguwa suka kai kuka, aka sa majiya ƙarfi suka kwaso ƙasa da kwanduna suka cike shi.